Dalilin da Ya Sa Sauran Wurin Ajiya a Kwamfutar Mac Ba Ya Tsayawa Wuri Ɗaya

Adadin da kwamfutar Mac take nunawa a matsayin sauran wurin ajiya jimillar abu biyu ne. Akwai wurin da babu komai a cikinsa, akwai kuma wurin da yake ɗauke da bayanai amma tsarin macOS yana ganin zai iya share su duk lokacin da buƙata ta taso. Idan aka zaɓi faifan kwamfutar a Finder aka danna Get Info, layin Available yakan nuna adadi ɗaya babba, sannan wani ƙarami a gefensa tare da kalmar purgeable. Wannan ƙaramin shi ne wurin da za a iya sharewa, kuma an riga an lissafa shi a cikin babban. Kamfanin Apple ya shigo da wannan lissafi ne a shekarar 2016 tare da macOS Sierra, kuma tun daga nan masu Mac suke ganin abin da yake ɗaure musu kai: a goge fayil mai nauyi amma wuri bai ƙaru ba, ko a kwana a tashi a tarar wuri ya ƙaru ba tare da an goge komai ba.

Abubuwa da dama ne suke shiga cikin wurin da za a iya sharewa, amma wanda ya fi sa adadin tashi da sauka shi ne abin da Apple yake kira local snapshot. Hoto ne na yanayin faifai gaba ɗayansa a wani lokaci, wanda ake ajiyewa a kan faifan da kansa. Manhajar Time Machine ce take ɗaukarsa. Ita wannan manhaja ta fito a 2007 don kwafe fayiloli zuwa faifan waje, sai aka lura cewa mai kwamfutar tafi-da-gidanka yakan yi kwana da kwanaki bai haɗa faifan wajen ba. Don toshe wannan giɓi aka ƙara hotunan cikin gida a 2011, a tsarin Lion. A wancan lokacin kwafin fayilolin da suka canza ake tarawa a wata ɓoyayyiyar folda. Yadda ake yi a yau ya fara ne a 2017, lokacin da macOS High Sierra ya kawo sabon tsarin jera bayanai a faifai mai suna APFS, wanda ya gaji HFS+ da aka yi kusan shekara ashirin ana amfani da shi.

Ba za a fahimci hoton faifai ba sai an san yadda APFS yake ajiye fayil. Faifai a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe, kowanne mai ɗaukar bait 4096, kuma akwai rajista da take nuna gurbin da kowane fayil yake zaune. Abin ya yi kama da sito da littafin mai kula da shi: kaya suna jibge a ciki, littafi kuma yana faɗin buhun wane ne a wane lungu. Ɗaukar hoton faifai daidai yake da adana shafin littafin na wannan sa'a, tare da dokar cewa duk lungun da shafin ya ambata ba za a fitar da kayan cikinsa a ba wani wurin ba muddin shafin yana nan. Ba a kwafi kaya ko ɗaya ba. Shi ya sa ɗaukar hoton take ƙarewa cikin daƙiƙu kaɗan ko da faifan ya cika maƙil, kuma a lokacin da aka ɗauke shi kusan babu wurin da ya ci.

Nauyin hoton yana zuwa ne daga baya, gwargwadon canjin da aka yi. Idan aka gyara wani fayil da hoto yake riƙe da shi, APFS ba ya rubuta sabon abu a kan tsohon gurbi. Yana rubutawa a sabon gurbi, ya karkatar da rajistar yanzu zuwa can, ya bar tsohon gurbin a hannun hoton. Idan aka goge fayil aka kuma zubar da kwandon shara, sunansa ne kawai ya fita daga rajistar yanzu, gurabensa suna nan daram domin hoton bai sake su ba. Saboda haka hoton da bai da nauyi da safe zai iya riƙe gigabait masu yawa kafin magariba, alhali shi kansa ba a ƙara masa komai ba, domin hoto ba ya karɓar rubutu bayan an ɗauke shi.

Idan an kunna Time Machine yana aiki da kansa, yakan ɗauki hoto kusan kowace sa'a, ya riƙe kowanne na sa'a 24, sannan ya goge shi. Akwai ƙarin hoto ɗaya da yake riƙewa fiye da haka, wato na lokacin da aka yi kwafi na ƙarshe mai nasara zuwa faifan waje. Wannan yana nan har sai an matsu da wuri ko an yi sabon kwafi, kuma shi ne yake yawan zama sanadin matsalar da ta ƙi wucewa bayan kwana ɗaya. Tsarin yakan kuma ɗauki hoto kafin ya saka sabuntawar macOS.

Misali zai fi fito da lissafin fili. A ɗauka akwai mai haɗa bidiyon biki da yake aiki da MacBook mai faifan GB 256. Da ƙarfe 9 na safe wurin da babu komai a cikinsa GB 18 ne, wurin da za a iya sharewa GB 7, don haka Finder yana nuna GB 25. A cikin faifan akwai folda mai GB 40 ta ɗanyen bidiyon wani biki da aka riga aka gama aka miƙa wa masu shi. Time Machine ya ɗauki hoto da ƙarfe 9, ya sake ɗauka da ƙarfe 10, duka biyun kuma suna riƙe da foldar. Da ƙarfe 10 da rabi mai kwamfutar ya goge ta, ya zubar da kwandon shara, yana sa ran ganin GB 65.

Abin da zai fara gani na iya zama GB 25 ɗin nan dai, kamar bai taɓa komai ba, domin tsarin ba ya sake lissafa wurin da za a iya sharewa nan take. Bayan wani lokaci adadin zai yi tsalle zuwa GB 65, amma a gefensa za a ga GB 47 purgeable. Wurin da babu komai a cikinsa yana nan a GB 18 yadda yake da safe. Abin da gogewar ta yi shi ne ta ɗauke GB 40 daga sashen fayilolin mai kwamfuta ta mayar da su sashen abin da za a iya sharewa. Washegari da hantsi, bayan hotunan ƙarfe 9 da ƙarfe 10 sun cika sa'a 24 an goge su, sai wurin da babu komai ya koma GB 58, wanda za a iya sharewa ya dawo GB 7. Jimillar tana nan GB 65, amma yanzu mafi yawanta wuri ne na haƙiƙa.

Akwai abu uku a cikin wannan misali da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, goge hoton ƙarfe 9 shi kaɗai ba zai saki ko gigabait ɗaya daga foldar ba, domin na ƙarfe 10 ma yana riƙe da gurabe iri ɗaya. Wuri ba ya dawowa sai hoto na ƙarshe da ya san foldar ya tafi. Na biyu, da a ce an sauke foldar da ƙarfe 10 da minti biyar aka goge ta kafin ƙarfe 11, babu hoton da ya riske ta, kuma wurinta zai dawo nan da nan. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci gogewa take aiki take-yanke, wani lokaci kuma ta zama kamar ba a yi ba. Na uku kuma shi ya fi cin rai: idan rabon mutumin da haɗa faifan waje ya kai mako biyu, kuma foldar tana nan a ranar da aka yi wancan kwafi, to hoton wancan rana zai ci gaba da riƙe GB 40 ɗin bayan sa'a 24 sun wuce. Mai kwamfutar zai jira kwana ɗaya, kwana biyu, bai ga canji ba. Maganinsa mafi sauƙi shi ne ya haɗa faifan wajen ya bar Time Machine ya kammala sabon kwafi.

Masu aiki da manyan fayiloli su ne suka fi haɗuwa da wannan. Wanda ya fitar da bidiyo mai GB 8 da safe, ya ga kuskure ya sake fitarwa da suna iri ɗaya da azahar, ya sake na uku da la'asar, a idonsa fayil ɗaya yake da shi mai GB 8. A kan faifai kuwa uku ne, GB 24, domin hotunan da aka ɗauka a tsakani sun riƙe na safe da na azahar. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa cire folda daga jerin abin da Time Machine yake kwafewa zai hana wannan. Ba ya hanawa. Cirewar tana hana foldar zuwa faifan waje ne kawai, shi kuwa hoto sashen faifan gaba ɗaya yake ɗauka, ba ya tsallake komai. Hanyar da take aiki ita ce a buɗe sabon sashe na APFS a Disk Utility, a cire shi gaba ɗaya daga Time Machine, a riƙa yin irin wannan aiki a can. Sabon sashen ba ya buƙatar a yanka masa girma tun farko, domin duk sassan da suke cikin faifai ɗaya na APFS daga wuri ɗaya suke ɗiba.

Wanda yake son ganin hotunan da idonsa zai iya buɗe Terminal ya rubuta:

```
tmutil listlocalsnapshots /
```

Amsar jerin sunaye ce irin wannan, kowanne ɗauke da shekara, wata, rana da lokacin da aka ɗauke shi:

```
com.apple.TimeMachine.2024-03-12-100214.local
```

Idan a cikin jerin akwai wanda ranarsa ta yi nisa da sauran, shi ne na kwafin ƙarshe da aka ambata. Daga macOS Monterey na 2021 zuwa sama ba sai an shiga Terminal ba. A buɗe Disk Utility, a zaɓi sashen da yake ɗauke da fayilolin mai kwamfuta, wanda yawanci sunansa yake ƙarewa da Data, sannan a menu na View a danna Show APFS Snapshots. Jerin zai fito a ƙasa tare da girman kowane hoto. Wannan hanya tana nuna har hotunan da wasu manhajojin kwafi suka ɗauka, irin su Carbon Copy Cloner, waɗanda suke bin nasu ƙa'idojin riƙewa.

Don sanin wurin da babu komai a cikinsa, ba tare da an haɗa da wanda za a iya sharewa ba, sai a rubuta:

```
df -H /
```

Adadin da yake ƙarƙashin Avail shi ne amsar. A misalin mai bidiyo, bayan gogewa, wannan umarni zai nuna kusan 18G a daidai lokacin da Finder yake cewa 65. Kowannensu gaskiya yake faɗa, tambayar da suke amsawa ce ta bambanta. A kula da babban harafin H ɗin nan. Idan aka rubuta ƙarami, lissafin zai koma na 1024 maimakon na 1000 da Finder yake bi tun 2009, sai GB 18 ta fito kamar 17Gi, a ƙara samun wani saɓanin da ba shi da alaƙa da hotuna ko kaɗan.

Tambayar da ta fi muhimmanci ga mai amfani da kwamfuta ita ce ko zai iya dogara da babban adadin. A yawancin lokuta zai iya. Idan mai bidiyon ya kwafo sabon aiki mai GB 30 ta Finder alhali GB 18 ne kawai a fili, tsarin zai goge hotuna gwargwadon buƙata ya buɗe masa wuri, ba tare da ya tambaye shi ba. Inda ake samun cikas shi ne manhajojin da ba sa tambayar tsarin wurin da zai iya samarwa, sai dai su duba wanda yake fili kawai. Irin wannan manhaja za ta ga 18, ta ga tana buƙatar 30, ta ce faifai ya cika ta ƙi farawa, ga kuma Finder a gefe yana nuna 65. Haka nan manhajar da take rubutu da sauri ƙwarai za ta iya cinye wurin da yake fili kafin tsarin ya gama buɗe wani. Wani wurin da hotuna suke tsaya wa mutum a gaba shi ne rage girman faifan APFS don yanka sabon ɓangare, kamar yadda masu Mac na Intel suke yi idan za su saka Windows ta Boot Camp. Aikin yakan ƙi yiwuwa har sai an kawar da hotunan.

A irin waɗannan lokuta ne kawai ya kamata mutum ya sa hannu. Ana iya umartar tsarin ya rage hotuna har ya samar da wani adadi:

```
tmutil thinlocalsnapshots / 40000000000 4
```

Dogon adadin bait ne, wato GB 40, na ƙarshen kuma matakin gaggawa ne daga 1 zuwa 4. Ana iya kuma goge hoto ɗaya ta hanyar ambaton ranarsa da lokacinsa kamar yadda suka fito a jerin:

```
tmutil deletelocalsnapshots 2024-03-12-100214
```

Wanda ba ya son umarni zai iya dakatar da kwafin da Time Machine yake yi da kansa, ya jira 'yan mintuna hotunan su goge, sannan ya sake kunnawa. Daga macOS Ventura na 2022 ana yin haka a System Settings, ƙarƙashin General, sai Time Machine, sai Options, inda za a mayar da Backup Frequency zuwa Manually. A tuna a mayar da shi yadda yake, domin mutane da dama sun kashe shi don neman wuri suka manta, sai ranar da suka rasa fayil suka gane cewa watanni sun shuɗe ba a yi kwafi ba. Akwai kuma hoto ɗaya da ba a taɓawa. Tun macOS Big Sur na 2020, kwamfutar tana tashi ne daga wani hoto hatimtacce na sashen tsarin, wanda sunansa yake farawa da com.apple.os.update. Wannan ba tarkace ba ne, shi ne macOS ɗin da ake aiki da shi.

Goge hotuna kullum don a ga adadi mai daɗin ido asara ce. Hotunan nan su ne suke ba mutum damar dawo da takardar da ya lalata da safe ko foldar da ya goge bisa kuskure, yana kan hanya, faifan wajensa yana gida. Zai shiga Time Machine ya koma baya sa'a biyu ko uku ya ɗauko ta. Idan mai bidiyon ya goge hotunan da ƙarfe 11, sannan masu biki suka kira da yamma suna son a gyara wani wuri, ɗanyen bidiyon ya tafi sai in yana faifan waje. Amma kada a ɗora wa hotunan abin da ba za su iya ba. A kan faifai ɗaya suke zaune da fayilolin asali, don haka idan faifan ya lalace ko aka sace kwamfutar, tare za su tafi. Kuma tsarin zai iya goge su a kowane lokaci idan wuri ya yi ƙaranci.

Sauran abin da yake cikin wurin da za a iya sharewa ya bambanta da hotuna ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Idan an kunna Optimize Mac Storage a iCloud Drive ko a manhajar Photos, fayiloli da hotunan da suke da kwafi a iCloud ana lissafa su cikin abin da za a iya cirewa daga kwamfutar, a bar sunansu da alamar gajimare, ko ƙaramin samfurin hoton. Haka ma wasu bayanan wucin gadi da manhajoji suke tarawa. Waɗannan ba su ɓata ba idan an cire su, amma sai an sake sauke su kafin a buɗe. A inda ake sayen data da awo, kuma layi yake zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: fayil mai GB 5 da tsarin ya cire don buɗe wuri zai ci kuɗin data GB 5 kafin ya dawo, kuma ba zai buɗu ba sam idan babu intanet a ranar da ake buƙatarsa. Wanda faifansa yake da isasshen wuri gara ya kashe wannan zaɓi, fayilolinsa su zauna a hannunsa.

Ko an cire hotuna da iCloud daga lissafi, adadin zai ci gaba da ɗan motsi. Sassan faifan duka wuri ɗaya suke rabawa, cikinsu har da wani ɓoyayyen sashe mai suna VM, inda tsarin yake sauke abin da ya yi wa ƙwaƙwalwar aiki yawa. Idan aka buɗe manyan manhajoji da yawa a lokaci ɗaya, sashen yakan kumbura da 'yan gigabait, ya sake sacewa bayan an kashe kwamfutar an kunna. Sabuntawar macOS da aka sauke a bayan fage ita ma takan ci wuri kafin a saka ta. Sannan idan aka yi Duplicate na fayil a Finder, APFS ba ya kwafe gurabensa, sunaye biyu yake ɗorawa a kan gurabe iri ɗaya har sai an gyara ɗaya daga ciki. Fayil mai GB 10 da aka yi wa haka zai bayyana sau biyu, kowanne yana nuna GB 10, amma wurin da suka ci tare GB 10 ne, kuma goge ɗaya ba zai ƙara komai a sauran wuri ba sai an goge ɗayan ma.